Me Ke Kawo Ƙwannafi Bayan Cin Abincin Dare a Makare?

Me ya sa mutum zai ci abinci ya ƙoshi da rana, ya ci gaba da harkokinsa lafiya lau, amma in ya ci irin wannan abincin da ƙarfe 10 na dare ya bi lafiyar gado, sai ya farka da wuta a tsakiyar ƙirji? Kuma me ya sa zafin yake tsayawa a bayan ƙashin ƙirji, alhali abincin yana can ƙasa cikin tumbi? Duk inda aka tayar da maganar za ka ji amsoshi iri-iri. Wani ya ce olsa ce, wani ya ce asid ne ya yi wa ciki yawa, wani kuma gabansa ya faɗi ya ce zuciyarsa ce ta taɓu. Kowace amsa da abin da ta kama, amma babu wadda ta faɗi dalilin da ya sa sai an kwanta abin yake tashi.

Abin da nake so in bayyana shi ne: a yawancin mutane ba yawan asid ne matsalar ba. Asid ne ya fita daga gidansa ya shiga inda ba a tanadar masa ba, ya kuma daɗe a can saboda babu mai koro shi.

Mene ne ƙwannafi?

Ƙwannafi shi ne zafi ko raɗaɗin da ke tasowa daga ƙahon zuci ya hau tsakiyar ƙirji, wani lokaci har maƙoshi, a wasu lokutan da ruwa mai tsami ko ɗaci da ke tahowa baki. Alama ce, ba ita ce cutar kanta ba. Abin da ke haifar da ita shi ne komowar ruwan tumbi sama zuwa cikin bututun abinci.

Wannan bututun tsawonsa a jikin babban mutum kusan santimita 25 ne. Yana farawa daga ƙasan maƙoshi, ya gangara ta tsakiyar ƙirji, a bayan hanyar numfashi da zuciya, ya ratsa tantanin tsokar da ya raba ƙirji da ciki, sannan ya faɗa cikin tumbi. Aikinsa kai saƙo ne kawai, ba ya narkar da komai.

Tumbi kuwa an gina shi don zama da asid. Yana fitar da ruwan narkar da abinci wajen lita 1.5 zuwa 2 a rana, kuma tsaminsa kan kai pH 1.5 zuwa 3.5. A wannan ma'aunin, 7 shi ne tsaka-tsaki kamar ruwan sha, kuma duk sauka ɗaya na nufin tsami ya ninka sau 10. Abin da ya hana tumbi cinye kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ke lulluɓe bangonsa, haɗe da sinadarin bikabonet mai kashe kaifin asid. Bututun abinci ba shi da irin wannan rigar mai kauri. Shi ya sa ruwan da tumbi yake zaune da shi dare da rana ba tare da ka ji komai ba, ɗan kaɗan daga cikinsa in ya hau bututun sai ka ji a jikinka.

Ƙofar da ke tsakani

A ƙarshen bututun, daidai inda ya haɗu da tumbi, akwai wani zoben tsoka mai tsawon santimita 3 zuwa 4. A matse yake zama. In ka haɗiye loma sai ya saki na 'yan daƙiƙu ta wuce, ya sake matsewa. Ba shi kaɗai ke gadin ba: tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki yana damƙe da bututun daga waje, yana ƙara matse shi duk lokacin da ka ja numfashi ko ka yi tari. Sannan bututun ba a miƙe yake shiga tumbi ba, a karkace yake shiga, ta yadda in tumbi ya cika bangonsa kan danne bakin.

To amma ƙofar tana da wani aiki na biyu, kuma a nan gizo ke saƙar. Kowa yana haɗiyar iska tare da abinci da abin sha, kuma dole iskar ta sami mafita. In saman tumbi ya buɗe ya miƙe, jijiyoyin da ke bangonsa sukan kai labari ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarni a saki ƙofar ba tare da an haɗiyi komai ba. Wannan sakin yakan wuce daƙiƙa 10, ya fi na haɗiya daɗewa. Shi ne gyatsa. Ƙofar da aka buɗe wa iska kuwa ba ta tantance mai wucewa. In ruwa yana bakin ƙofa, shi ma zai bi. Yawancin komowar asid, ga masu lafiya da ma masu ƙwannafi marar tsanani, ta wannan hanyar take faruwa, ba wai don ƙofar ta lalace ba.

Dare ɗaya, daki-daki

Mu ɗauki misalin wani magidanci da aiki ya riƙe shi, bai sa wa cikinsa abin kirki ba tun rana. Ya zauna cin abinci ƙarfe 10 na dare, yunwa ta ci shi, don haka ya yi loma manya-manya da sauri, ya ƙara, abincin kuma soyayye ne mai maiƙo. Ya kora da lemon kwalba mai gas. Ƙarfe 10:40 ya kwanta.

Abu na farko da ya faru shi ne tumbinsa ya cika ya miƙe, ga abinci, ga iskar da ya haɗiya saboda sauri, ga gas ɗin lemo. Ke nan a sa'o'in farko bayan cin abincin ƙofar za ta riƙa saki akai-akai.

Na biyu shi ne maiƙo. Da zarar kitse ya fara isa ƙaramin hanji, hanjin yakan saki sinadaran da ke ce wa tumbi ya rage gudu, domin narkar da kitse yana cin lokaci. Waɗannan sinadaran kuma suna ƙara sassauta ƙofar. Abinci matsakaici kan ɗauki kusan sa'o'i 4 kafin mafi yawansa ya bar tumbi. Mai nauyi da maiƙo ya fi haka. Wato a lokacin da mutumin nan ya ɗora kansa a kan matashi, minti 40 da fara ci, kusan duk abin da ya ci yana nan bai motsa ba.

Akwai na uku, wanda ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Abinci da kansa yana rage tsamin ciki, domin yana gauraya da asid ya shanye shi. To me ya sa ƙwannafi ya fi tashi bayan cin abinci, lokacin da ya kamata ciki ya fi sanyi? Wasu masu bincike a birnin Glasgow sun ba da amsa a shekarar 2001. Sun riƙa jawo na'urar auna tsami a hankali daga cikin tumbi zuwa sama bayan mutum ya ci abinci, sai suka tarar da wani ɗan tafki na asid tsantsa yana kwance a saman abincin, bai gauraya da shi ba, kuma mazauninsa dab da bakin ƙofar ne. Sabon asid ɗin da tumbi ke zubowa shi ke taruwa a nan. Idan ƙofar ta saki, shi ne na farko a layi.

Yanzu sai kwanciya. Ka ɗauki kwalba da ruwa ya kai rabinta, murfinta bai ɗauru sosai ba. Tana tsaye, ruwan yana ƙasa, iska ce a wuyanta. Ko ka sassauta murfin, iska ce za ta fita. Kwantar da ita, ruwan ya zo wuya. Haka tumbi yake. A tsaye ko a zaune, ƙofar tana sama da abin da ke ciki, ko wani abu ya tsallaka nauyinsa zai mayar da shi. A kwance, bututu da tumbi sun zama kusan a layi ɗaya, babu gangara.

Amma babban abin da ke sa ƙwannafin dare ya fi na rana ciwo shi ne abin da barci ke kashewa. Mutum a farke yana haɗiyar yawu kusan sau ɗaya a minti ba tare da ya lura ba. Kowace haɗiya tana tura wani motsi da ke matse bututun daga sama zuwa ƙasa, ya share abin da ya hau. Yawun kuma yana ɗauke da bikabonet da ke wanke ragowar tsamin da ya manne a bango. Da rana ke nan asid na iya hawa a share shi cikin ɗan lokaci, ba ka ma sani ba. In barci ya yi nauyi, yawu yana kusan tsayawa cak, haɗiya ta zama jefi-jefi. Komowar asid cikin barci ba ta kai ta rana yawa ba, sai dai kowace ɗaya tana daɗewa, domin masu shara sun tashi daga aiki. Asid ɗin sai ya kwanta a bututun yana jiƙa bangonsa, wani lokaci ya hau har maƙoshi.

Shi ya sa mutuminmu ya farka wajen ƙarfe 12:30 da raɗaɗi a ƙirji da tsami a baki, wataƙila da tari mai shaƙewa. Ya tashi zaune, ya haɗiyi yawu, ya kurɓi ruwa, bayan 'yan mintuna abin ya lafa. Bai sani ba, amma ya dawo da abubuwa uku da kwanciya ta ɗauke: gangara, haɗiya da yawu. Da safe kuma muryarsa ta ɗan dishe.

Me ya sa a bayan ƙashin ƙirji?

Amsa ta farko mai sauƙi ce: nan bututun yake. Ƙasansa, inda asid ya fi taɓawa, yana bayan ƙasan ƙashin ƙirji ne, shi ya sa mai ƙwannafi in zai nuna maka wurin sai ya ɗora hannu a ƙahon zuci ya ja sama.

Amsa ta biyu ta shafi yadda jiki ke jin ciwon kayan ciki. In ƙaya ta soke ka a yatsa, kana iya nuna wurin daidai. Jijiyoyin da ke ɗauko ciwo daga bututun abinci ba su da wannan ƙwarewar. Kaɗan ne, a warwatse suke, kuma suna shiga laka a matakan da jijiyoyin zuciya da na bangon ƙirji suke shiga. Ƙwaƙwalwa sai ta karɓi saƙo daga hanya ɗaya ba ta san takamaiman wanda ya aiko ba, ta ce dai tsakiyar ƙirji ne. Wani lokaci ma ta kai zafin baya, tsakanin kafaɗu. Raɗaɗin kuwa yana zuwa ne domin a ƙarƙashin fatar bututun akwai bakin jijiyoyi masu jin tsami, irin waɗanda ke jin zafin wuta da na barkono. In asid ya yawaita taɓa bangon, haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin fatar yakan sassauta, tsamin ya riƙa kutsawa ya iske jijiyoyin cikin sauƙi. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya daɗe yana fama da abin, ko ɗan kaɗan ne ya hau sai ya ji.

Olsa ce, ko asid ne ya yi yawa?

Olsa gyambo ne a bangon tumbi ko farkon ƙaramin hanji. Manyan sanadinta biyu ne: ƙwayar cutar bakteriya da ke zama a tumbi, da yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin, ibufirofen da diklofenak. Ciwonta ya fi zama a saman ciki, ba ya hawa ƙirji da tsami a baki. Mutum na iya haɗa duka biyun, amma abubuwa biyu ne daban. Na damu da wannan ruɗanin ne domin wanda ya yi wa kansa hukuncin olsa yakan ce kada ya kwana da yunwa, sai ya ƙara cika ciki dab da barci ko ya kora da madara, ya ƙara wa wutar itace. Madara tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, amma kitse da furotin da ke cikinta suna sa tumbi ya ƙara zubo asid daga baya.

Batun yawan asid kuma, yawancin masu ƙwannafi asid ɗinsu bai fi na kowa yawa ba. Abin da ya bambanta su shi ne ƙofa da matsi. Ƙiba, musamman teɓa, tana danna tumbi daga waje. Juna biyu tana haɗa matsi da sinadarin furojestaron mai sassauta tsoka. Taba tana sassauta ƙofar ta kuma rage yawu, giya ma tana sassauta ta. Wasu magungunan hawan jini irin su amlodifin da nifedifin su ma suna yi, sai dai ba a daina su don wannan sai da shawarar likita. Akwai kuma waɗanda saman tumbinsu ya zame ya hau cikin ƙirji ta ramin da bututun ke bi, zoben tsoka da tantanin da ke taya shi gadi suka rabu. Su ne ƙwannafin kwance ya fi wahalarwa.

Ana kuma taƙaddama a kan nau'in abinci. Wasu suna ba da dogon jerin abubuwan da za a ƙaurace wa: yaji, kofi, cakulan, na'ana'a, tumatir, lemon tsami. Gaskiya ne suna tayar wa wasu, amma ba kowa ba, kuma hujjar hana kowa dukkansu ba ta da ƙarfi. A ganina, mutum ya lura da abin da ke tayar masa ya bar shi, ya fi a hana shi komai alhali yana nan yana cika ciki ƙarfe 10 ya kwanta ƙarfe 10:40. Yawa da lokaci sun fi nau'i tasiri.

Me zai sauya daren?

Tazara. Wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2005, ya kwatanta masu fama da wannan ciwo da marasa shi, ya gano cewa masu kwanciya ƙasa da sa'o'i 3 bayan abincin dare yiwuwar samunsu da ciwon ta ninka ta masu jiran sa'o'i 4 ko fiye kusan sau 7. Irin wannan binciken yana nuna alaƙa ne kawai, amma ya yi daidai da abin da aka sani game da lokacin da tumbi ke ɗauka kafin ya sauke kayansa. Shawarar likitoci ita ce a bar sa'o'i 2 zuwa 3 aƙalla. Ga mutuminmu mai kwanciya 10:40, abinci mai nauyi ya kamata ya ƙare wajen 7:30. In aiki ba zai bari ba, to ya mayar da babban cinsa rana, na dare ya zama kaɗan marar maiƙo, ya ci a hankali, ya bar lemon gas. Kishingiɗa a doguwar kujera bayan cin abinci ma kwanciya ce.

Sai gefen kwanciya. Tumbi jaka ce da ta karkata hagu, bututun kuma yana shigarta ta gefen dama na samanta. In ka kwanta a gefen hagu, abin da ke ciki yana taruwa ƙasa, ƙofar ta zauna sama da ruwan. In ka juya dama, ƙofar ta koma ƙarƙashin ruwa. Gwaje-gwajen auna tsami a bututu sun nuna asid ya fi saurin sharewa a kwanciyar hagu.

Ɗaga kan gado da santimita 15 zuwa 20 yana maido da gangara. A sa katako ko bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ko a sa wani abu mai gangare a ƙarƙashin katifa, yadda jiki zai karkata tun daga ƙugu. Tara matasai ba ya yi, domin wuya kawai yake ɗagawa, wani lokaci ma ya lanƙwasa mutum a tsakiya ya ƙara matse ciki. Ga mai teɓa kuwa, rage ƙiba yana cikin abubuwan da suka fi tabbataccen amfani.

Magani kowanne da gurbinsa. Maganin ruwa ko ƙwayar taunawa mai kashe tsami tana aiki cikin mintuna amma ba ta daɗewa. Masu sinadarin aljinet suna yin wani kumfa da ke yawo a saman abinci, daidai inda tafkin asid ɗin nan yake, shi ya sa ake shan su bayan cin abinci da lokacin kwanciya. Famotidin yana rage fitar asid na wasu sa'o'i. Omefirazol da danginsa sun fi ƙarfi, amma ba na gaggawa ba ne: ana shan su minti 30 zuwa 60 kafin cin abinci, kuma sai sun yi 'yan kwanaki kafin su kai ƙarfinsu. Wanda ya haɗiyi omefirazol ƙarfe 12:30 na dare yana jiran sauƙi nan take bai yi amfani da shi yadda ya dace ba. Kuma dukkansu ba sa gyara ƙofar.

Yaushe abin ya wuce ƙwannafi?

Tunda zuciya da bututun abinci hanya ɗaya suke bi su kai ƙara, ba a rantsuwa a kan bambancinsu daga gida. Ƙwannafi dai yakan zama raɗaɗi mai hawa sama, bayan cin abinci, ya ƙaru da kwanciya ko sunkuyo, ya ragu da tashi zaune. Ciwon zuciya ya fi zuwa da nauyi ko matsewa kamar an ɗora dutse, yana iya bi hannu ko muƙamuƙi, da gumi mai sanyi, sarƙewar numfashi ko jiri, kuma tafiya ko hawa bene na tayar da shi. Amma abinci mai nauyi shi ma yana iya tayar da ciwon zuciya, kuma ga mata, tsofaffi da masu ciwon sukari yakan zo a sifar da ba a zata ba, har da kamar ƙwannafi. Jin sauƙi bayan shan maganin tsami ba hujja ba ce. Ciwon ƙirji sabo, ko wanda bai yi kama da wanda aka saba ba, musamman ga mai hawan jini, mai sukari ko mai shan taba, na asibiti ne a daren nan, a yi gwajin bugun zuciya na ECG.

Shi kansa ƙwannafin, in ya zama na sau 2 ko fiye a mako, ko yana tayar da mutum daga barci a kai a kai, ya kai a ga likita. Ruwa ba ya tsami banza, kuma asid da ke kwana a bututu shekara da shekaru yana iya sa bangonsa ya kumbura ya yi rauni, ya yi tabon da zai ƙuntata hanyar, ko fatar ƙasan bututun ta sauya kama, abin da ake kira da sunan likitan fiɗa Norman Barrett, yanayin da a mutane kaɗan yake kaiwa ga sankara. Likita yakan fara da gwada magani na mako 8. Amma akwai alamun da ba a jira da su: abinci yana maƙalewa a ƙirji ko haɗiya tana ciwo, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ƙarancin jini. Mai ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar a zura kyamara ta baki a duba bututun da tumbin da ido, ko da maganin da yake sha yana kwantar masa da zafin.